Leshi Da Abin Da Ke Ƙarƙashinsa: Jawabin 'Yan Yadi A Taron Ƙungiya

  An ce mu da muke sayar da yadi a Kasuwar Wuse mu yi bayani a kan koke-koken da suka yi yawa bayan bukukuwan da aka sha a unguwa, wato maganar leshi da oganza da net. Mai kaya na zargin tela, tela na zargin mai shago, maigida kuma ya haɗa mu duka ya zarga. To mun zauna mun duba, mun ga kaso mai yawa na laifin yana bakinmu ne, wajen yadda muke kwatanta kaya tun kafin almakashi ya taɓa su.

Ku saurari yadda ake cinikin leshi a layinmu. Za ku ji ana cewa mai tsada ne, ɗan Suwis ne, sabon yayi ne, ba ya zuba. Duk wannan yabo ne, babu kwatance a ciki. Kalmar da ta fi cutarwa ita ce "ai ba ya nuna jiki sosai". Wannan "sosai" ɗin ta raba mu da abokan ciniki da yawa. Leshi rabin riga ne, ɗaya rabin shi ne shafi, abin da teloli ke kira layinin. Duk wanda ya sayar da yadi biyar na leshi bai ce komai a kan shafinsa ba, rabin bayani ya yi.

Ita kalmar leshi ma jaka ce da ta haɗa abubuwa dabam-dabam. Yawancin abin da muke kira leshi surfanin inji ne da aka yi a kan wani ƙyalle. Garin Lustenau na ƙasar Ostiriya ya yi suna a kan wannan aiki, kuma tun shekarun 1960 masana'antunsa ke yi wa 'yan Najeriya kaya, haka ma St. Gallen ta ƙasar Suwizalan. Yanzu dai mafi yawan abin da ke shagunanmu daga Caina yake zuwa. Abin da ya kamata mai saye ya tambaya shi ne a kan me aka yi surfanin. In a kan boyil ne, wato siririn yadin auduga, to akwai ƙyalle a ko'ina, sai dai haske na ratsa shi, ga kuma 'yan hujojin ado. In a kan net ne, to tsakanin fure da fure babu komai sai raga. Shi kuwa kod leshi, bayan an gama surfanin narkar da ƙyallen ƙasan ake yi, zaren kaɗai ya rage, saboda haka ramukansa na gaskiya ne, wani har ɗan yatsa na shiga. Ga shi da nauyi a hannu, sai mace ta ɗaga ta ce ai wannan mai kauri ne. Nauyi dabam, rufi dabam. Oganza ba leshi ba ce ma. Saƙa ce ta zare siriri mai murɗi, asalinta siliki, yanzu galibi foliyesta, tana da ƙarfi da sheƙi, kuma kamar gilashi take: har bakin ɗinki da zaren da tela ya manta bai yanke ba tana nunawa.

Abin da ke yaudarar mu duka shi ne haske. Ku tuna labulen net na taga. Da rana wanda ke waje ba ya ganin cikin ɗaki, amma da dare in aka kunna fitila, komai a fili. Haka shara-sharan yadi yake: yana rufewa ne in hasken yana gabansa, yana tonawa in hasken ya koma bayansa. Shagunanmu kuwa ciki da duhu-duhu, yadin a ninke huɗu ko takwas, ƙwan lantarki na bugunsa ta gaba. Dole ya yi kamar bango. Ranar biki sai mai rigar ta tsaya a bakin ƙofar zauren taro, rana na bayanta, mutanen ciki suna ganin inuwar ƙafafunta tun daga sama. Ita ba ta sani ba, kuma babu mai iya gaya mata a lokacin. Hasken mai hoto shi ma da nasa sharrin. Yana huda baƙin net, ya bugi duk wani abu mai haske da ke ciki ya dawo da shi, shi ya sa farar shimi ƙarƙashin baƙin leshi take fitowa ƙarara a hoto ko da ido bai gan ta ba.

Don haka muka yarda a tsakaninmu cewa ba za a ƙara kwatanta irin wannan kaya a ninke ba. A warware falle ɗaya, a fita da shi bakin shago. A sa tafin hannu a ƙarƙashi, a ɗaga wajen rana. In launin fata ya fito, a ce yana nuna fata. In launin bai fito ba amma ana ƙirga yatsu, a ce yana nuna inuwa. In babu ko ɗaya, sai a ce ya rufe. Kalma uku ke nan da kowa zai gane. Bayan an zaɓi shafi a maimaita gwajin da su biyun a haɗe, a haska fitilar waya ta baya, domin akwai shafin da shi kansa shara-shara ne. Masu sayarwa ta hoton waya ma su ɗauki hoto ɗaya da hannu a ƙarƙashi, su rubuta wane launin ƙyalle aka shimfiɗa a baya lokacin ɗauka.

Wannan rabe-rabe ba mu muka ƙirƙiro shi ba. A Islamiyya an karantar da mu cewa tufa na iya gazawa ta hanya biyu, ko ta bayyana launin fata, ko ta siffanta surar jiki. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Usama ɗan Zaidu wata tufar Ƙibɗawan Masar, Usama ya ba matarsa, sai aka umarce shi ya ce mata ta sa wata riga a ƙarƙashi don kada tufar ta siffanta jikinta. Abin lura, ba a ce a jefar da tufar ba, shafi aka ce a yi mata. Hukunci dai na malamai ne, ga su nan zaune, mu namu awo da almakashi.

Bari mu kawo misali guda da ya faru a layinmu, ba sai mun kama suna ba. Wata Hajiya daga Kubwa za ta aurar da 'ya, ta sayi kod leshi shuɗi mai duhu, yadi biyar. Aka ce mata kawai "a sa masa layinin". Tela ya sayo satin ruwan madara yadi biyu, don furannin su fito. Yadi biyun bai isa ba, sai shafin ya tsaya ƙasa da gwiwa kaɗan, hannu da kafaɗa babu komai. Furanni sun fito kam, amma daga nesa ruwan madaran nan sai ya zama kamar fata, rigar ta rabu gida uku, kuma satin mai sheƙi ya bi jiki ya lafe. Hajiya ta wuni naɗe da mayafi cikin zafi, washegari ta dawo mana da rigar a leda. Ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Alhaji, da ka gaya mini." Ba mu da amsa.

Ga abin da ya kamata a rubuta mata tun farko. Tsawon rigarta inci 58, a ƙara biyu na ɗinki, 60 ke nan. In faɗin shafin inci 60 ne, gaba da baya za su fita gefe da gefe a tsawo ɗaya, sai a ƙara inci 24 na dogon hannu. Jimla inci 84, a sayi yadi biyu da rabi. Amma in faɗinsa inci 45 ne, gaba da baya ba za su jeru ba, sai an yanka tsawon sau biyu: 120 da 24, inci 144, yadi huɗu cif. Kun ga wanda ya ce "yadi biyu ya isa" bai tambayi faɗi ba, shi ya yanke mata shafi a gwiwa. In rigar mai buɗewa ce sosai ko mai ita tana da jiki, sai a ƙara. Launi kuma shuɗi irin na leshin, ko wanda ya ɗan fi shi duhu, maras sheƙi. In ana son fure ya fito da wani launi dabam, babu laifi, amma ya zama launin da ba za a taɓa ɗaukarsa fata ba, kamar kore ko ja mai duhu, kuma ya rufe ko'ina bai-ɗaya. Sannan a faɗi iyakarsa da baki: har wuya, har wuyan hannu, ƙasa kuma ya tsaya daidai inda yankan furen bakin leshin ya fara, kamar inci ɗaya ko biyu sama da ƙarshe.

Teloli, ku ma ga naku. Kod leshi a yanka shi tare da shafinsa a ɗinke su kamar ƙyalle ɗaya, don kada bakin ɗinki ya leƙo ta ramuka. Oganza kuwa ta fi kyau a bar ta sake a kan cikakkiyar riga, a ninke bakin ɗinkinta a ciki, ita ado ce kawai, rigar ƙasan ce sutura. Mun fi son shafin auduga a garin nan, saboda zafin Maris da Afrilu, kuma da hunturu foliyesta na manne wa ƙafa. Sai dai auduga na tsukewa, a jiƙa ta ta bushe kafin a yanka, in ba haka ba wankin farko zai ɗage shafin ya bar leshin a ƙasa.

Kada maza su yi ta gyaɗa kai suna kallon ɓangaren mata. Farin boyil ɗin da muke sawa ranar Juma'a, sahun baya na ganin singileti da iyakar gajeren wando, har da kuɗin da ke aljihu. Wandon boyil na bukatar shafi ko dogon wando na ciki, kuma gwajin hannun nan ɗaya ne.

Daga wannan wata, waɗanda muka yi wannan shawara za mu riƙa haɗa kowane leshi, net ko oganza da 'yar takarda: irin yadin, ko yana nuna fata ko inuwa, launi da yawan shafin gwargwadon faɗinsa, da inda zai tsaya. Mai saye ta kai wa tela takardar tare da kayan. Wadda ba a ba ta ba, ta tambaya kafin ta biya. Wadda kuma take da rigar da ta riga ta lalace ta wannan hanya, kada ta jefar, yawanci doguwar shimi mai hannu, launin leshin, tana gyara ta. Ta kawo rigar shago mu gwada launin a bakin ƙofa.