A Bar Iyaka Ta Yanke Hukunci: Daidaita Jakar Jari Ba Tare Da Jiran Kwamiti Ba

  Kowa a ɗakin nan ya san dalilin raba jari tsakanin hannun jari da takardun lamuni, don haka ba zan tsaya a kansa ba. Rigimata da abokan aikina a kan abin da ke biyo bayan rabon ne. Kasuwa tana motsi, rabon da aka amince da shi yana zamewa, su kuma suna cewa a jira ƙarshen shekara, ko a jira zaman kwamiti. Ni na daɗe ina cewa a rubuta iyaka, a bar na'ura ta riƙa dubawa, ranar da aka ƙetare ta a saya ko a sayar.

Mu ɗauki asusu mai naira miliyan 100: miliyan 60 a hannun jari, miliyan 40 a takardun lamuni ko sukuk. Iyakarmu maki 5 ce, wato muddin kason hannun jari yana tsakanin kashi 55 da 65 cikin ɗari, ba wanda zai taɓa komai. Masu tsoron cewa wannan zai jawo saye da sayarwa kullum ba su yi lissafin ba. Idan takardun lamuni suka tsaya cik, sai hannun jari ya faɗi da kusan kashi 19 kafin a taɓa 55, sai kuma ya hau da kusan kashi 24 kafin a taɓa 65. Ana iya shafe shekara guda ba a yi ciniki ko ɗaya ba.

To, a ce hannun jari ya faɗi da kashi 20. Miliyan 60 ta koma 48, asusun ya koma 88, kason hannun jari ya zama 54.5. An ƙetare iyaka. Kashi 60 na miliyan 88 shi ne 52.8, saboda haka a sayar da takardun lamuni na miliyan 4.8 a sayi hannun jari. Idan kasuwa ta sake faɗuwa da wani kashi 20, asusunmu zai tsaya a 77.4, alhali wanda ya naɗe hannu yana da 78.4. Mun fi shi asara da kusan miliyan ɗaya, kuma wannan ce ranar da wani a kwamiti zai tashi ya ce a dakatar da tsarin. Amma ƙa'ida ta ce a sake saye. Idan farashi ya hau da kashi 25 sau biyu ya koma inda ya fara, mai naɗe hannu ya dawo 100 ɗinsa, mu kuwa muna da kusan 102.4 kafin a cire kamashon dillali.

Kada wannan ƙarin ya ruɗe ku. Yana zuwa ne kawai idan kasuwa ta tafi ta dawo. Idan ta yi ta hawa shekara da shekaru, mai daidaitawa yana sayar da abin da ke ci gaba da tashi, kuma ribarsa za ta gaza ta wanda bai taɓa komai ba. Abin da iyaka take tsarewa shi ne haɗari. Masu kuɗin sun yarda da 60, ba su yarda da 75 ba, kuma ba a tambaye su ba lokacin da rabon ya zame can.

Hujjar da na fi dogara da ita ita ce shekarar 2020 a kasuwar Amurka. Daga 19 ga Fabrairu zuwa 23 ga Maris, ma'aunin S&P 500 ya faɗi da kusan kashi 34. A jaka irin tamu, kason hannun jari ya gangaro zuwa wajen kashi 50. Zuwa watan Agusta ma'aunin ya riga ya haura inda yake kafin faɗuwar, ya kuma rufe shekara da ƙarin kusan kashi 16. Yanzu ku duba mai bin kalanda, wanda ke buɗe littafi a ƙarshen Disamba. Zai tarar da kashi 62 ko makamancin haka, ya rubuta cewa komai lafiya. Zamewar maki goma ta zo ta wuce bai gan ta ba, balle ya sayi komai da araha. Mai dubawa duk wata uku ya ɗan fi shi, amma ranar 31 ga Maris kasuwar ta riga ta tashi da kusan kashi 15 daga ƙasan da ta taɓa. Mai iyaka da ke dubawa kullum shi ya saya a tsakiyar Maris, lokacin da babu kwamitin da zai sa hannu a kan saye.

Ana ce min wannan dabarar ƙananan masu jari ce. Asusun man fetur na Norway, wanda yana cikin mafiya girma a duniya, da ita yake aiki. A 2012 aka rubuta masa ƙa'ida a fili: idan a ƙarshen wata kason hannun jari ya kauce da fiye da maki 4 daga kashi 60, a daidaita. Daga baya an ɗaga kason zuwa 70, aka rage iyakar zuwa maki 2. Masu cewa gwaninta ta fi ƙa'ida kuwa, su kawo mana takardun zamansu na lokacin faɗuwar kasuwar Legas a 2008 mu ga wa ya ce a saya.

Sai dai na'ura abin da aka rubuta mata take bi, kuma akwai inda ake rubuta shirme. Maki 5 ba su dace da ƙaramin kaso ba. Idan zinariya kashi 5 ce a jakar, sai ta ninka ko ta ƙare ƙaf kafin ƙararrawa ta buga. Shi ya sa Larry Swedroe ya yaɗa ƙa'idar 5/25: maki 5, ko rubu'in kason kansa, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Ga zinariyar, iyakar ta zama 3.75 zuwa 6.25.

Babbar matsala a wurinmu ita ce farashin da ya kwana. Gida ko fili da aka yi wa kima bara, ko hannun jarin kamfanin da ake yin mako ba a yi cinikinsa ba, suna zaune a littafi da tsohon farashi, sai su ɓata kason kowa. Alamar ita ce kadarar da kimarta ba ta motsa ba alhali komai ya motsa. Haka nan canji: bayan sakin naira a Yunin 2023, duk mai kadarar dala ya ga kasonta ya kumbura ba tare da ya sayi komai ba, kuma amsar da na'ura za ta bayar ta dogara da farashin canjin da aka saka mata.

Abin da nake roƙon amintattu ke nan. Ku rubuta iyakar a takardar manufar zuba jari, da farashin da za a yi amfani da shi, da sunan muƙamin da zai zartar cikin kwanaki ƙayyadaddu. A duba kullum ko kowane mako, domin dubawa ba ta cin kamasho. Kuɗin da ke shigowa, gudummawar mambobi da rabon riba, a fara zuba su a ɓangaren da ya yi ƙasa kafin a sayar da komai. Inda ciniki yake da tsada a faɗaɗa iyakar, kuma a komo rabin hanya kawai, daga 65 zuwa 62.5. Kwamiti yana da ikon sauya 60 ɗin kansa a zaman da aka tsara tun farko, amma duk wanda ya nemi a tsallake ƙa'ida ranar da ƙararrawa ta buga, ya rubuta dalilinsa ya sa hannu, a ajiye a fayil don masu binciken kuɗi.