Tazarar Zobban Rodi Kusa da Ginshiƙi: Lacca ga Masu Gini a Damagaram

Bim, wato kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai yana ɗauke da dakin, yana fuskantar ƙarfi iri biyu: na lanƙwasa, wanda ya fi tsanani a tsakiya, da na yanka, wanda ke neman tsinke bim ɗin, kuma ya fi tsanani dab da ginshiƙi. Alamar na biyun ita ce tsaga karkatacciya da ke tashi daga ƙasan bim kusa da ginshiƙi ta nufi sama, kuma zobba, wato siraran rodin da ake naɗewa su kewaye manyan rodi, su ne ke ɗinke wannan tsaga.

A Nijar injiniyoyi sun saba da ƙa'idar Faransa ta BAEL 91, wadda ke ba da tazarar zobba kamar haka:

```
τu = Vu / (b·d)
St ≤ 0,9·fe·At / [1,15·b·(τu − 0,3·ft28·k)]
```

A ɗauki bim mai tsawon mita 4, faɗi santimita 20, zurfi mai aiki santimita 36, wanda kowace mitarsa ke ɗauke da 45 kN. Kowane ginshiƙi zai karɓi 90 kN, saboda haka τu ya zama 1,25 MPa, kuma idan kankaren ya kai 25 MPa bayan kwana 28, shi kansa zai ɗauke 0,63. Ragowar ta faɗa wa zobba, kuma da rodi mai kaurin milimita 6 da ƙarfin 400 MPa, lissafi na ba da santimita 14.

Daga nan sai a bi jerin injiniya Albert Caquot, a zaɓi 13. Zoben farko zai zauna santimita 6,5 daga fuskar ginshiƙi, sannan a maimaita kowace tazara sau biyu, domin rabin bim ɗin mita 2 ne: 13, 16, 20, sai 25 har tsakiya. Ba za a kai 35 ba, tunda ƙa'ida ta hana wuce 0,9d, wato santimita 32 a nan.

Sai dai lissafin ya dogara ga ingancin kankare, alhali Damagaram gari ne mai zafi da ƙarancin ruwa, inda akan gaza shayar da sabon kankare yadda ya kamata, wani lokaci ma a tsayar da zubi a ci gaba washegari. Idan mahaɗin zubin ya faɗo kusa da ginshiƙi ba a gyara fuskarsa ba, ƙa'ida ta mai da k sifiri, tazarar ta sauko daga 14 zuwa 7.

Don haka ana kira ga injiniyoyi da masu ɗaurin rodi da su auna tazarar zobba da mita kafin a zuba kankare, domin da zarar an zuba, babu sauran gyara mai sauƙi.