Haƙurin manomi kafin ruwan shuka

A yankin Funtua da Malumfashi, ruwan farko yakan sauka a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu. Ƙasa ta yi ƙamshi, hankalin kowa ya koma gona. A nan ne ake gwada haƙurin manomin masara.

Mai gaggawa yakan ɗauki iri ya fita washegari. Cikin kwana 5 zuwa 7 masara ta tsiro, sai kuma sama ta ɗauke na mako biyu. Danshin bai wuce saman ƙasa ba, saiwa ba ta samu abin sha ba, ganye ya nannaɗe, yabanya ta ƙone. Dole ya sake sayen iri, ya sake biyan masu shuka.

Tsofaffin manoma a Bakori da Kafur ba haka suke yi ba. Sukan jira ruwa ya sauka sau biyu ko uku a kusa da juna. Sannan su tona ƙasa zurfin tafin hannu, su damƙi ta ƙasan. Idan ta dunƙule, lokaci ya yi. Idan ta warwatse, sai a koma gida, ko da maƙwabci ya riga ya shuka.

Amma jiran yana da iyaka. Wanda ya yi sakaci har Yuli ta yi nisa, damina na iya janyewa a Oktoba kafin masararsa ta ƙosa.

Don haka manomi ya tanadi irinsa da takinsa tun bazara, kuma kada ya shuka sai ya tona ƙasa ya duba.