Wasiƙa ɗaya, murya biyu

Yau sharhinmu na kan wasiƙun imel da ke fita daga ofisoshin Abuja, musamman masu neman ganin wani darakta a Sakatariyar Tarayya.

Ga irin wadda ake yawan gani. Ta buɗe da "Ranku ya daɗe, muna neman izininku." Layi na uku sai ga "ka duba takardar da na turo maka." An fara da "ku" na girmamawa, an zame zuwa "ka" na tsara, "muna" ta koma "na". Darakta zai ji kamar mutum biyu ne suka rubuto masa, na biyun kuma bai san girmansa ba. Wannan ya fi damuna, domin mai wasiƙar bai yi nufin raini ba.

Gyaran ba wuya. Kafin ka aika, bi wasiƙar kana duban kalmomin da ke nuna mutum kaɗai: ka, ki, ku, maka, muku. In da "ku" ka fara, to "ku duba takardar da muka turo muku" za ka rubuta, har zuwa sa hannu.

Sai ka sake bi don lokaci. "Mun zauna ranar Litinin, muna amincewa da kasafin" ta bar mai karatu cikin shakka: an gama ne, ko ana kai? In an gama, ka ce "muka amince".

Amma ba kowane sauyi ne kuskure ba. "Za mu kawo rahoton ranar Alhamis" daidai ne, tunda aikin yana gaba.