Ranar da Malam Akawu Zai Ajiye Aiki

Mu leƙa wani shagon sari a kasuwar Kantin Kwari. Alhaji ne mai dukiya, amma Malam Akawu ne ya san dilan da ke bin su kuɗi a Legas, da 'yan kasuwar Maraɗi da ake ba wa atamfa bashi, da wanda ke biya bayan sallah. Galibin wannan a kansa yake, ba a littafi ba. Yanzu ya kusa saba'in, yana son ya huta. Ranar da ya tafi, wanda ake bi bashi zai iya cewa ya biya, kuma babu takardar da za ta ƙaryata shi.

Saboda haka tun yau a zaɓi magaji, ko ɗa ko yaron shago mai amana, ya zauna kusa da Malam Akawu aƙalla shekara biyu, ya ga cinikin azumi da na babbar sallah sau biyu. A rubuta kowane bashi da suna da ranar biya. Malam ya kai shi wurin masu ba da kaya da kansa, domin amanar fatauci fuska take bi. A sa sunansa cikin masu sa hannu a banki, amma a ƙayyade masa adadin kuɗin da zai iya fitarwa.

Kuma a gane cewa rabon gado daban, riƙon shago daban. Shari'a ta riga ta tsara rabon kowane magaji, amma ba ta ce babban ɗa ne ya iya kasuwa ba. Alhaji, ka tara iyalinka, ka faɗi wanda zai riƙe shagon da albashinsa, a rubuta a gaban shaidu tun kana da lafiya.