Waƙafi Ɗaya da Ya Kusa Jawo Asarar Kwangila: Gyaran Wani Saƙon Neman Afuwa



Da aka ba ni wannan dama, na fara tunanin in yi magana a kan alamomin rubutu kamar yadda muke koyar da su a aji biyar. Sai na ga cewa babu wanda ke zaune a nan da bai san aya da waƙafi ba. Saboda haka na zo muku da saƙo guda ɗaya, wanda wata 'yar uwarmu malama ta rubuta, mu warware shi tare. Da izininta nake karanta shi, da sharaɗin ba zan ambaci sunanta ba.

Malamar nan, kamar da yawa daga cikinmu, tana da sana'ar da take tallafa wa albashi da ita: ɗinkin kayan makaranta. Wata Hajiya mai makarantar kuɗi ta neme ta a kan ɗinkin kayan yara 120, suka yi alkawarin ganawa ranar Talata da ƙarfe uku na rana, ta kai samfur a daidaita farashi. A ranar ne masu duba makarantu suka sauka mana ba zato, ba a sallame mu ba sai huɗu da rabi. Cajin wayarta ya ƙare, ita kuma ba ta ari ta kowa ba. Da dare ta tura imel zuwa adireshin makarantar, domin Hajiya ta fi son duk wata maganar ciniki ta zo mata a rubuce, sakatarenta ya karanta mata. Laraba ta wuce shiru, Alhamis ta wuce shiru. Ranar Juma'a da safe ta miƙo mini wayarta a ɗakin malamai, ta ce, "Malam, duba mini, ko na faɗi wani abu ne da bai kamata ba?"

Ga abin da na gani. A gurbin take ta sa "Gaisuwa" kawai.

"Masoyiyata Hajiya. Ina rubuta wannan saƙo ne domin in nemi afuwa, ga kowane irin rashin jin daɗi da rasa taronmu zai iya haifarwa. Na san Hajiya, ta jira ni har ƙarfe huɗu kuma kun bar baki a gida. Ban ƙi zuwa ba, da gangan an riƙe mu a makaranta, saboda masu duba aiki, kuma wayata ta mutu. Idan kun amince ranar Asabar, zan kawo samfurin. Ina duba gaba ga jin daga gare ki."

Na ji wasu suna dariya, kuma na san "baki" ne ya ba ku dariya. Ba ta sa wa baƙaƙenta lanƙwasa ba ko ɗaya. Ni na mayar da su domin karatu, na bar wannan guda don ku ga aikinsa: baƙin Hajiya sun koma bakin Hajiya. Amma wannan mai sauƙi ne, duk mai karatu zai gane nufinta ya yi murmushi ya wuce. Inda ɓarnar take shi ne jimlar kusa da ƙarshe.

Ku saurara: "Idan kun amince ranar Asabar, zan kawo samfurin." Yanzu kuma: "Idan kun amince, ranar Asabar zan kawo samfurin." Kalmomin ba su canza ba, ko harafi ɗaya. A ta biyu, wadda ita ce nufin malamar, Asabar ranar kawo samfur ce, abin da ake nema daga Hajiya kuwa amsa ce tun yanzu. A ta farko, wadda ita ce ta rubuta, Asabar ta zama ranar amincewa. Wato an ba Hajiya har zuwa Asabar ta yi tunani, samfur kuma babu ranar zuwansa. Sakatare zai tsaya ne inda aka sa masa waƙafi, Hajiya kuma abin da ya shiga kunnenta shi za ta ɗauka. Ba zan rantse cewa wannan ne kaɗai dalilin shirun ba, domin mai fushi ma yana yin shiru. Amma saƙon da kansa bai nemi amsa kafin Asabar ba.

A nan akwai wani abu game da harshenmu da ya kamata mu lura da shi. Idan aiki ya riga ya wuce, Hausa da kanta tana taimakon mai karatu ya gane inda gaɓa take. Muna cewa "na kawo ranar Asabar", amma idan muka gabatar da ranar domin jaddada ta sai mu ce "ranar Asabar muka kawo", ba "mun kawo" ba. Wannan sauyi daga "mun" zuwa "muka", ko daga "an" zuwa "aka", yana nuna cewa kalmar da ta gabata ta wannan ɓangaren ce. A lokaci mai zuwa kuwa babu wannan taimako. "Zan kawo" yana nan yadda yake, ko an gabatar da rana ko ba a gabatar ba. Saboda haka a jimlar alkawari nauyin duka yana kan waƙafi, kuma saƙon neman afuwa da alkawari yake ƙarewa.

Da wannan ma'auni za mu auna jimlar da ke gabanta: "Ban ƙi zuwa ba, da gangan an riƙe mu a makaranta." Nufinta, ba da gangan ta ƙi zuwa ba. Amma waƙafin ya yanke "da gangan" daga ƙin zuwa, ya jingina shi ga riƙewa, sai ya zama kamar tana zargin shugabanninta da riƙe ta da gayya. Bahaushen da zai faɗi haka cewa zai yi "da gangan aka riƙe mu". Wannan "an" da ya rage a wurin shi ya nuna mini cewa waƙafin ne ya ɓata hanya, ba ita ba. Sai dai ba aikin Hajiya ba ne ta zauna tana wannan bincike.

Na ukun ya fi sauƙin gani. "Na san Hajiya, ta jira ni" yana nufin ta san matar, sa'an nan matar ta jira. Ba a sa waƙafi tsakanin "na san" da abin da aka sani. Haka nan wanda ta sa bayan "afuwa" da wanda ta sa kafin "saboda": duk wuraren da numfashinta ya tsaya ne tana bugawa da yatsa. Mu ne muke ce wa yara waƙafi wurin ɗan hutawa ne, kuma ina ganin da laifinmu a ciki. Mutum yana iya hutawa ko'ina. Waƙafi yana raba gaɓoɓin ma'ana ne: bayan sharaɗi, bayan sunan wanda ake kira, tsakanin abubuwan da aka jera.

Sai kuma lafazin. Jimlar farko da ta ƙarshe ba Hausa ba ce, Turancin ofis ne aka sa masa riga. Malamar ta gaya mini cewa wani samfurin wasiƙa ta tuna daga kwaleji, ta riƙa juya shi kalma bayan kalma. Da haka aka samu "Masoyiyata" ga matar da ta girme ta, wadda ba su taɓa haɗuwa ba sai sau ɗaya, da "duba gaba ga jin daga gare ki", wanda ban taɓa jin wani ya furta da bakinsa ba. Mafi muni shi ne "kowane irin rashin jin daɗi da zai iya haifarwa". Matar ta zauna awa guda tana jira, ta bar baƙi a gida. Ba abin da "zai iya" faruwa ba ne, ya riga ya faru, kuma an san ko mene ne. Wanda ya karanta wannan zai ji kamar ana neman afuwa ne a bisa sharaɗin in ma har an ji haushi. Ga kuma "rasa taronmu", kamar taron ne ya ɓace da kansa. Mu a wurinmu saɓa alkawari ake cewa, kuma akwai wanda ya saɓa. A ƙarshe ta kira Hajiya da "ta", ta koma "kun", ta rufe da "ki", duk a cikin layi biyar. Tun da jam'in girmamawa ta nufa, sai a riƙe shi daga farko har ƙarshe.

Ban rubuta mata sabo ba. Na ce ta ajiye wayar, ta ɗauka Hajiya ce zaune a kujerata, ta faɗa mini abin da za ta faɗa mata. Abin da ya fito daga bakinta shi muka rubuta, muka sa alamomi daga baya. A gurbin take muka sa "Neman afuwa kan alkawarin ranar Talata".

"Ranku ya daɗe, Hajiya. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman afuwarku saboda saɓa alkawarin da na yi na zuwa ofishinku ranar Talata da ƙarfe 3:00 na rana. Na san kun jira ni har ƙarfe 4:00, kun kuma bar baƙi a gida saboda ni.

Masu duba makarantu ne suka zo mana ba zato, ba a sallame mu ba sai ƙarfe 4:30. Cajin wayata ya ƙare, amma ya kamata in ari ta wani in sanar da ku. Ban yi ba, wannan kuwa laifina ne. Saƙon da na turo a daren ma bai fito da nufina ba.

Idan kun amince, zan kawo samfurin gobe Asabar da ƙarfe 10:00 na safe, na maza ɗaya, na mata ɗaya. Idan lokacin bai yi muku ba, ku sa mini wanda ya fi muku sauƙi. Na gode, ku huta lafiya."

Ku lura cewa a jimlar alkawari ba mu tsaya ga gusa waƙafi ba. Mun ɗauke ranar gaba ɗaya mun kai ta bayan "zan kawo samfurin", inda ko sakatare ya haɗiye waƙafin ba za ta iya manne wa "amince" ba. Idan ma'anar jimla ta rataya a kan alama ɗaya, gara a sake gina jimlar. "Ban ƙi zuwa da gangan ba" kuwa mun cire ta, domin ba wanda ya zarge ta da haka.

Jimlar da muka fi daɗewa a kanta ita ce ta aron waya. Malamar ta ce tana tsoron kada ta ba Hajiya sandar dukanta. Na ce mata Hajiya ta riga ta yi wannan tunanin tun tana zaune tana duban agogo, domin kowa ya san ɗakin malamai ba ya rasa waya mai caji. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce a bar ta a ciki.

Amsa ta zo a yammacin wannan Juma'ar, layi biyu: ta zo goben. Ta je, aka ga samfur, aka yi ciniki. Sai dai a cikin kwanakin nan na shiru Hajiya ta riga ta ba wani tela ɗinkin yara 40, saboda haka 80 malamar ta samu.

Shugaba, na ga ana ɗaga mini hannu cewa lokaci ya cika. Na kawo kwafin saƙonnin biyu, suna wurin sakatare, ga duk mai son ya gwada su da 'yan aji shida.