Jawabin Ranar Kimiyya: Yadda Ƙasarmu Ta Rabu da Barazil

  Maganar da na zo da ita yau ita ce, ƙasar nan da mu ke takawa tafiya ta ke yi.

Ku duba taswirar duniya. Ƙusurwar Barazil ta gabas ta dace da lungun tekun da ke kudu da Nijeriya, kamar sakaina biyu na ƙwarya ɗaya. Wani Bajamushe, Alfred Wegener, ya ce a 1912 dā a haɗe su ke. Masana suka ƙi yarda, domin ya kasa nuna ƙarfin da zai iya ture ƙasa sukutum. Ya rasu a 1930 ba a gaskata shi ba.

Shaida ta fito daga baya. A 1967 aka auna shekarun duwatsun gaɓar nan biyu. A Gana akwai iyaka tsakanin duwatsu masu shekara miliyan 2,000 daga yamma, da masu miliyan 600 daga gabas. Da aka haɗa taswirar, sai ga iyakar nan ta ɓulla a Barazil, kusa da garin São Luís, daidai inda aka zata. To, manyan duwatsun ƙasarmu, irin su Kwatarkwashi, cikin masu miliyan 600 su ke. Watau 'yan'uwansu na can ƙetaren teku.

Me ke tura ƙasa? Bayan duniya ba dunƙule ɗaya ba ne. A tsattsage ya ke, manyan faifai-faifai, kaurin kowanne kamar mil 60. A ƙarƙashinsu akwai dutse mai tsananin zafi. Kada ku zaci ruwa ne. Kamar ƙarfe ya ke a maƙera sa'ad da ya yi ja: bai narke ba, amma yana lanƙwasuwa. Zafin nan, wani tun farkon duniya ya ke, wani kuwa ma'adinai ke fid da shi, irin yuraniyom da a ke haƙa a Arlit.

A tsakiyar Tekun Atlantika akwai doguwar tsaga a kan wani tudu. Dutse mai zafi ya kan taso, ya narke, ya cika ta, ya daskare. Faifan nan biyu kuwa su riƙa zamewa daga tudun, namu ya yi gabas, na Barazil ya yi yamma. A wasu tekuna kuma, kamar wajen Japan, bakin faifai ya tsufa, ya yi sanyi, ya yi nauyi, sai ya nutse ya jawo sauran, kamar jiƙaƙƙen bargo da aka shanya bisa katanga, gefe ɗaya ya rinjaya. Wannan jan shi ne mafi ƙarfi. An tabbatar da zancen tsagar a 1968, da aka haƙo duwatsun ƙarƙashin Atlantika: na kusa da ita sababbi ne, kuma gwargwadon nisa gwargwadon tsufa.

Bari mu yi lissafi. Daga Ikko zuwa Recife ta Barazil kamar mil 2,800 ne. A matsakaicin ƙiyasi, tekun na ƙara faɗi inci ɗaya da rabi a shekara, kamar tsirar farce. Mil ɗaya inci 63,360 ne, saboda haka yana cin shekara wajen 42,000. In an ninka da 2,800, an sami shekara miliyan 118. Awon duwatsu kuwa ya nuna an rabu tsakanin shekara miliyan 120 da miliyan 100 da suka shige. Hanya biyu, amsa ɗaya. Amma lissafin na kusa-kusa ne, gama saurin ba kullum ɗaya ba ne.

Ga abin da ya shafi hakimai. Manyan girgizar ƙasa a bakin faifai su ke aukuwa, inda su ke gugar juna. Mu kuwa muna tsakiyar faifan Afirka, nesa da baki. Duk da haka tsofaffin tsagogi su kan ɗan motsa, kamar yadda aka ji a Kwoi a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018. In talakawa sun kawo labarin ƙasa ta motsa, magatakarda ya rubuta rana da sa'a da tsawon lokacin, da ƙauyukan da suka ji. Ya bincika ko ana fasa dutse ko haƙar ma'adinai kusa, domin wannan a unguwa ɗaya ya kan tsaya, girgizar ƙasa kuwa ƙauyuka da yawa su kan ji ta a lokaci guda. A fid da mutane daga ɗakin da bangonsa ya tsage, a aika da rahoto, kada a bari jita-jita ta riga shi.

Ku kuwa 'yan makaranta, yaron da ya shekara 12 yau, in ya kai 60, tekun nan ya ƙara faɗi kamar ƙafa 6. Ku koma aji ku gwada lissafin da kanku.

Iyakar jawabina ke nan.